Faso da kaushi: yadda ake haɗa man kakin zuma da ganyen dogon yaro a gida

Da zarar iskar hunturu ta fara busowa a watan Nuwamba, dugadugan mutane da yawa sai su fara tsagewa. Wani faso ne ƙanana da ke kama zare idan za a sa safa, wani kuma ya buɗe baki har jini ya fito, mutum ya riƙa tafiya da ɗingishi yana taka yatsu. Mata masu wanki da ɗibar ruwa, manoman rani masu yini cikin laka, da masu yawo da takalmin soso, su ne suka fi shan wahalarsa. Akwai man da ake iya haɗawa a gida da kakin zuma, man kaɗe, da man gujiya ko na riɗi da aka jiƙa ganye a ciki. Haɗinsa ba wuya, amma akwai ƙa'ida guda da ke raba wanda ya ci moriyarsa da wanda ya yi asarar mai da kaki: ruwa a ƙafa ake son shi, ba a cikin kwalbar man ba.

Abin da ke kawo faso

Fatar tafin ƙafa ba irin ta sauran jiki ba ce. Tana da kauri, tana yin gumi, amma ba ta da ƙofofin da ke fitar da maiƙo irin na fuska ko na kai. Saboda haka idan iska ta bushe, ba abin da ke tare danshin da ke cikinta, sai ya fice. A gefen dunduniya kuma, inda nauyin jiki ke sauka, fata tana ƙara kauri don kare kanta, shi ne kaushi. Duk takun da mutum ya yi, naman dunduniya yana bajewa gefe. Fata mai laushi tana bin shi ta miƙe, amma busasshen kaushi ba ya miƙewa, tsagewa yake yi, kamar yadda laka ke darewa a bakin tafki idan ruwa ya janye. Omo da sabulu mai kaifi suna ƙara tsananta abin domin suna wanke ɗan maiƙon da ya rage, haka ma takalmin da ba ya rufe baya, domin ba abin da ke riƙe dunduniyar.

Daga nan za a gane aikin man. Kaki da mai ba su ba fata ruwa, don su kansu ba su da shi. Rufi ne suke yi a kan fata, su hana ruwan da ke ciki ficewa. Wanda ya shafa man a kan busasshiyar ƙafa mai ƙura ya rufe tulu ne babu komi a ciki. Mai zalla yakan bi zane da tabarma ya tafi kafin gari ya waye. Kakin shi ne ke ba shi jiki, ya sa ya zauna a dunduniya har safe.

Samun kaki na gaskiya

Masu amya a wurare irin su Magarya da Gaya, idan suka matse zuma, sau da yawa saƙar jefar da ita suke yi, ko yara su tattauna su tofar. To kakin yana cikin wannan saƙar. A roƙi mai zuma ya ajiye ta, ko a saya da ɗan kuɗi kaɗan. A ƙulle ta cikin ƙyalle mai tsabta tare da ɗan dutse don ta nutse, a sa cikin tukunyar ruwa, a ɗora bisa wuta marar ƙarfi. Ba a son ruwan ya yi ta tafarfasa. Ya yi zafi sosai dai, domin kaki yana narkewa tun zafi bai wuce digiri 62 zuwa 65 ba. Zai riƙa fitowa ta ƙofofin ƙyallen yana tasowa sama, tun da ya fi ruwa rashin nauyi. A riƙa danna ƙullin da muciya har ya daina fitar da komi, a cire shi, a sauke tukunyar a bar ta ta kwana. Da safe za a tarar da faifan kaki rawaya a saman ruwa. Ƙasansa akwai datti launin ƙasa, a kankare shi da wuƙa. Idan har yanzu da baƙi-baƙi a ciki, a sake narkawa a tace. Tukunyar baƙin ƙarfe mai tsatsa tana sa kaki ya yi duhu, gara ta dalma ko ta silba. Faifan kuma a shanya shi yini ɗaya ko biyu a inuwa har ya bushe ƙarau kafin a yi aiki da shi, saboda ɗigon ruwan da ke maƙalewa a jikinsa.

Wanda zai saya a kasuwa ya lura, don ana gauraya kaki da narkakken kyandir. Na gaskiya yana ƙanshin zuma kaɗan, idan aka karya shi wurin karayar ba ya sheƙi, kuma idan aka murza gutsure tsakanin yatsu yakan yi laushi ya lanƙwashe ba tare da ya marmashe ko ya yi santsi ba. Wannan gwaji yana kama algus mai yawa ne kawai, ɗan kaɗan yakan wuce. Abin da ya fi shi ne saye daga hannun mai amya da aka sani.

Mai da ganye

Man gujiya da man riɗi duka suna yi. Sharaɗin shi ne ya zama sabo, wanda ba a taɓa suya da shi ba. Man da aka soya ƙosai ko ƙuliƙuli a ciki ya riga ya sha wuta, zai yi saurin yin wari. A shaƙa kafin a saya. Idan akwai ɗan warin tsufa, a bar shi. Ƴan uwa da ke Turai ko ƙasashen Larabawa, inda ɗumama ɗaki da sanyaya shi ke busar da ƙafa kamar hunturunmu, man zaitun ya wadatar, kuma can ana sayar da kaki tatacce ƙwaya-ƙwaya. A can furen kalandula aka fi jiƙawa a irin wannan mai. Mu nan abin da ke kowace ƙofar gida shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi ko darbejiya, kuma mutanenmu sun daɗe suna amfani da ganyensa ga ƙaiƙayin fata.

Gaskiyar magana, a cikin haɗin nan ganyen ne ya fi kowa ƙarancin aiki. Abin da ke rufe faso shi ne jiƙo, rage kaushi, da rufin da kaki da mai ke yi. Wanda bai sa ganye ba ko kaɗan, mansa zai yi aiki. Wanda kuma ya sa ɗanyen ganye, to ya ɓata shi, domin ɗanyen ganye mafi yawansa ruwa ne, ruwan kuma zai kwanta a ƙasan mai ya haifar da fumfuna.

A tsinko ganye masu kore sosai daga itacen da ba ya bakin babbar hanya, a wanke ƙurar, a baza bisa faifai ko tabarma a inuwa inda iska ke ratsawa. Da hunturu kwana 4 zuwa 6 sun isa. Alamar bushewa ita ce ganyen ya marmashe a hannu da ƙara, launinsa kuma yana nan kore-kore. Wanda ya lanƙwashe bai karye ba, da sauransa. A murtsuke shi da hannu ko a ɗan daddaka sama-sama, kar a mai da shi gari, don garin yana bi ta mataci ya sa man ya yi tsakuwa.

Awo mafi sauƙi shi ne ƙaramin kofin shayi, wanda babu gidan da ba shi. A zuba kofi 1 na marmasasshen ganye da kofi 4 na mai cikin busasshen gwangwanin madara mai tsabta. Ba a ɗora gwangwanin bisa wuta kai tsaye. A sa shi cikin tukunya mai ruwa wanda ya kai rabin tsawonsa, a ɗora tukunyar bisa garwashi kaɗan. Amfanin haka shi ne, muddin akwai ruwa a tukunya, zafin man ba zai wuce na tafasasshen ruwa ba, ba zai soyu ba. Ko hakan ma ba a son ruwan ya tafasa, ya dai riƙa fitar da tururi. A bar shi awa 2, ana motsawa jefi-jefi da busasshen cokali, ana ƙara ruwa a tukunya a hankali ta gefe don kar ya fantsama cikin gwangwani. Man zai koma kore mai duhu da warin ɗaci na dogon yaro. A tace da ƙyalle ninki biyu, a matse, a bar shi ya kwana a rufe, da safe a tsiyaye na sama a bar gurɓin da ya kwanta. Daga kofi 4 za a samu kamar 3 da ɗan wani abu, sauran ganye da ƙyalle sun shanye.

Haɗawa

Kofi 1 na narkakken kaki, kofi 1 na man kaɗe, kofi 3 na man da aka tace. Wato kaki kashi ɗaya ne cikin biyar. Mai sikeli ya auna giram 50 na kaki, 50 na man kaɗe, 150 na mai. Nauyin narkakken kaki da na mai sun kusa daidai, shi ya sa awon kofi da na sikeli ba su saɓa sosai. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a kankare kaki a cika kofi a ce an auna. Kankararren kaki iska ce ta cika tsakaninsa, idan ya narke zai ragu sosai, man kuma ya fito ruwa-ruwa. A narka tukuna sannan a auna, a ɗumama kofin kafin a zuba don kar kakin ya daskare a jikinsa. Inda man kaɗe ya yi tsada ko ba a samu ba, a yi kaki 1, mai 4.

A mai da gwangwani cikin tukunyar ruwan zafi, a zuba kaki da mai, a motsa har su zama abu guda babu gutsure. Sai a sauke tukunyar, a sa man kaɗe daga ƙarshe, zafin da ke ciki ya isa ya narkar da shi. Kafin a juye, a yi gwajin cokali: a tsoma busasshen cokali mai sanyi a fitar, a jira minti 2 zuwa 3 ya daskare, a danna da yatsa. Abin da ake so shi ne ya lotsa da ɗan danni, ya narke idan aka murza a bayan hannu.

Ga misali. A ce wata uwar gida ta haɗa a watan Disamba da sassafe, ta danna cokalin ta ji shi kamar sabulu, sai da farce yake kankaruwa. Kakin ya yi yawa ga sanyin wannan lokaci. Ba sai ta zubar ba: ta mai da gwangwanin cikin ruwan zafi, ta ƙara rabin kofi na mai, ko da wanda ba a jiƙa ganye ba ne, ta sake gwadawa. Yanzu ya lotsa, ta juye. Wannan man dai, idan ya kai watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi da Tawa, za ta buɗe ta tarar ya saki, mai na kwance a sama, domin man kaɗe kansa yana narkewa a zafin jikin mutum. A nan gyaran shi ne akasin na farko: ta sake narkawa ta ƙara kamar sulusin kofi na kaki. Shi ya sa ba awo guda da zai yi daidai duk shekara. Na bazara yakan kai kaki 1, mai 3. Cokalin ne alƙali.

A goge gindin gwangwanin da tsumma kafin a karkata shi, don ɗigon ruwan da ke jikinsa kan gangaro cikin kwalba, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata aikinsu a minti na ƙarshe. Kwalbar ta zama mai faɗin baki, wankakkiya, wadda ta sha rana ta bushe. Ƙanana biyu ko uku sun fi babba guda, a buɗe ɗaya a ajiye sauran. Kar a rufe sai man ya huce sarai, in ba haka ba gumi zai taru a marfi ya ɗiga ciki. A ajiye wuri mai sanyi ya daskare da sauri, misali kusa da randa. Idan ya huce a hankali cikin ɗaki mai zafi, man kaɗe yakan yi ƙwaya-ƙwaya kamar yashi. Wannan ba lalacewa ba ce, yana narkewa a fata, kuma sake narkawa da saurin sanyayawa yana gyara shi.

Magana ɗaya kan wuta. Kaki da mai suna kamawa idan aka ɗora su kai tsaye suka yi zafi har suna hayaƙi. In hakan ta faru, kar a watsa ruwa, wutar tashi za ta yi ta fantsama. A kife marfi a kai, ko a zuba rairayi. Yara kuma su yi nesa, narkakken kaki yana manne wa fata yana ci gaba da ƙuna.

Yadda ake shafawa

Kafin komi a gwada kaɗan a cikin dantse a bari kwana 2. Akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar kayan ƙudan zuma, ko gujiya, ko dogon yaro. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bari. Wanda gujiya ba ta karɓe shi a ci ba, kar ya shafa manta.

Da dare bayan an gama zirga-zirga, a jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi minti 10 zuwa 15. A goge kaushin da dutsen goge ƙafa a hankali, ana bin tsawon fason, ana rage kaurin bakinsa. Bakin nan mai kauri shi ne ke buɗe tsagar duk lokacin da aka taka. Kaɗan-kaɗan ake ragewa kowane dare, ba a nufin gamawa rana guda. Reza kuwa a bar ta. Yanka kaushi da reza shi ne hanyar da ƙaramin faso ke zama gyambo. A tsane ƙafar da tsumma, a bushe tsakanin yatsu sosai, amma dunduniyar a bar ta da ɗan danshi, nan take a ɗebi man kamar girman ƙwayar gujiya biyu ga kowace ƙafa, a murza har cikin tsagar. Ba a sawa tsakanin yatsu, wurin yana da danshinsa, ƙari yana kawo cin ruwa. A sa safa ta auduga a kwanta. Safar tana riƙe man, tana hana santsi a siminti, tana kuma kare ƙafa daga kyankyaso da ɓera, waɗanda ƙanshin man gujiya ke jawowa ga mai kwana a ƙasa.

Da safe a shafa ɗan kaɗan idan za a sa takalmi mai rufi. Mai fita da takalmin soso gara ya bari sai dare, don man yana kama ƙura ya cusa ta cikin fason. Fason da bai yi zurfi ba yakan fara laushi cikin kwanaki kaɗan, ya rufe cikin mako 2 zuwa 3 idan ba a yi fashi ba. Bayan ya rufe a ci gaba da shafawa har hunturu ya wuce, ko ba a jiƙa kullum ba, bayan wanka ya isa.

A riƙa ɗiba da busasshen hannu ko ɗan cokali. Man da ruwa bai shiga ba, an rufe shi an ajiye a inuwa, yakan kai wata 6. Kakin ba ya lalacewa, man ne ke tsufa. Idan ya fara warin tsohon mai, ko aka ga ɗigon baƙi, fari ko kore a sama ko a gefen kwalba, a zubar duka, kar a kwashe saman a ci gaba. Ba na ci ba ne, a ɗaga shi daga inda ƙananan yara ke kaiwa, dogon yaro yana da illa ga yaro idan ya haɗiya.

Inda man nan ba ya isa

Fason da ke zubar da jini ko ruwa ciwo ne buɗaɗɗe, ba a cusa masa man gida. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da bandeji, sai ya kame sannan a koma ga man. Idan gefensa ya yi ja, ya kumbura, yana zafi da zogi, ko mugunya ta fito, ko kaluluwa ta taso a matsematsi, ko zazzaɓi ya biyo, ƙwayar cuta ta shiga, a tafi gidan likita ranar. Mai aiki cikin taki da turɓaya da buɗaɗɗen faso ya tambayi ma'aikacin lafiya batun allurar rigakafin sandarewar jiki, wadda ake kira tetanos.

Masu ciwon suga lamarinsu daban ne. Ciwon yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, yana kuma rage gudun jini, mutum ya ƙone da ruwan zafi ko ya goge har nama bai ji ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa har ya kai ga yanke ƙafa. Su ba su jiƙo mai tsawo, ba su goge kaushi da kansu. Su wanke da ruwan da aka gwada zafinsa da hannu, su tsane, su shafa mai a fatar da ba ta fashe ba, su duba tafin ƙafa kullum, duk tsagar da ta buɗe kuma a nuna wa likita. Haka duk wanda ya lura ƙafarsa ta bushe ba ta gumi kuma ba ya jin taɓi ko ƙaya, musamman in akwai tabo mai haske a jiki wanda shi ma ba ya ji, ya je a duba shi, domin kuturta tana farawa haka, tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne.

Akwai kuma bushewar da ba ta hunturu ba ce. Idan tafin ƙafa duka yana saɓa fari-fari kamar gari, yana ƙaiƙayi, tsakanin yatsu ya jiƙe ya yi fari, ko farce ya yi kauri ya canza launi, galibi cin ruwa ne ya bazu, kuma rufe shi da kaki yana ƙara masa danshin da yake so. Maganinsa na farmasi ne. Kaushi mai kauri ƙwarai wanda dutse ba ya ci, shi ma kaki ba ya narkar da shi. Ana sayar da man shafawa mai sinadarin yuriya, kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari, wanda ke sassauta mataccen fata. A fara shafa shi, a jira ya shiga, sannan a bi da man kakin a sama a sa safa. Wanda ya yi mako 3 yana jiƙo da shafawa kowane dare bai ga canji ba, ya kai ƙafar a duba.